Ƙanƙara ta cika bangon bayan firiza: yadda za ka gano ko hita ce ta mutu, da yadda ake canza ta

Tun da aka shiga damina, kusan kowane mako sai wani ya turo min hoton cikin firizarsa, bangon baya ya yi fari fat, yana tambaya ko gas ne ya ƙare. Masu tambayar daga Agege suke, da Idi-Araba, da Mile 12, har da wani daga Alaba Rago. Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta yadda nake bin aikin a shago, daki-daki.

Maganar firiza nake yi irin wadda ba ta tara ƙanƙara, wadda za ka ga an rubuta No Frost ko Frost Free a jikinta. Idan taka irin ta kwance ce mai murfi a sama, wadda masu sayar da ruwan leda ke amfani da ita, ƙanƙarar jikinta ba ciwo ba ce, haka aka yi ta, kuma ba ta da hita kwata-kwata.

A irin wadda muke magana a kai, akwai kwayil na alminiyam a ɓoye a bayan wancan bangon roba, da fanka mai hura sanyinsa. A ƙarƙashin kwayil ɗin akwai hita da ke kamawa sau biyu ko uku a rana, na kamar minti 20 zuwa 30, ta narkar da ƙanƙarar da ta taru, ruwan ya bi wani rami ya fita baya. Ranar da hitar ta daina aiki, ƙanƙara za ta yi ta hawa kan ƙanƙara har ta toshe hanyar iska, ta fara leƙowa ta ramukan bangon.

1. Dubi ƙanƙarar kafin ka kashe komai

Kuskuren da aka fi yi shi ne a cire fulogi da daddare, a bar firij ya narke, sannan a kira mai gyara da safe. Ka wanke masa shaida ke nan. Ƙanƙarar ita ce ke faɗin inda ciwon yake.

Idan matsalar narkarwa ce, ƙanƙarar fara ce mai kauri, a bangon baya, ta fi yawa wajen ramukan da iska ke shiga da fita. Ɓangaren firiza yana nan da ɗan sanyinsa, amma ɓangaren firij, inda ake ajiye miya da ruwa, ya koma kamar kabad. Dalili kuwa, sanyin ɓangaren firij daga firiza ake hura shi, kuma hanyar ta toshe. Kwamfuresa ba ta hutawa, dare da rana tana gurnani. Wani lokaci za ka ji fankar ciki tana kar-kar-kar, fukafukanta na dukan ƙanƙara, daga baya ta yi shiru gaba ɗaya.

Idan kuwa ƙanƙarar kamar gari ce, ta sauka a kan ledojin nama da rufin ciki da bakin ƙofa, fara duba robar ƙofa. Saka takardar naira a bakin ƙofa ka rufe, ka ja. In ta zare ba tare da ta riƙe ba, iskar waje na shiga ta nan, kuma iskar Legas ruwa ce tsagwaronta. Idan kuma ƙanƙarar garau take kamar gilashi, ta kwanta a ƙasan firiza, ramin ruwa ne ya toshe, hitar na aikinta.

2. Kayan aiki da shiri

Kana buƙatar sukudireba mai baki huɗu da mai baki ɗaya, filaya mai dogon baki, mitar awo wadda ke auna om, tawul biyu ko uku, butar ruwan ɗumi, da wayarka don ɗaukar hoto. Mitar ita ce uwa uba. Testa mai ƙwan fitila ba za ta gaya maka komai ba a wannan aikin. In ba ka da mita, aro wajen mai gyaran janareto ko mai wayarin, ƙaramar ma ta isa.

Kwashe nama da kifi ka zuba a kula, ko ka kai gidan maƙwabci, don aikin zai iya cin yini.

Gargaɗi: cire fulogi daga bango da hannunka. Kada ka ce ai NEPA sun ɗauke wuta. Za su iya dawo da ita hannunka na kan waya, ko yaro ya tayar da janareto ba ka sani ba, ga ka tsaye a cikin ruwan narkakkiyar ƙanƙara.

3. Cire bangon baya

Fitar da shelf da durowa. Bangon yana da sukurori biyu zuwa huɗu, wasu a ɓoye a ƙarƙashin 'yan murafan roba, sai kuma haƙoran roba da ke riƙe gefuna. Bayan ka kwance su, ja a hankali. In ya ƙi tasowa, ƙanƙara ce ta manne shi ta ciki. Jiƙa tawul da ruwan ɗumi ka manna a jiki, ka ba shi minti goma, ka sake gwadawa. A bayan robar akwai farin soso mai saurin karyewa, kuma shi ke tsara hanyar iska, in ya farfashe sanyin ba zai ƙara rabuwa daidai ba. A yawancinsu fankar na jikin bangon, don haka zare soket ɗinta kafin ka janyo shi waje.

Da ya buɗe, ɗauki hoto, ka tsaya ka kalli kwayil ɗin da kyau. In ƙanƙara ta lulluɓe shi daga sama har ƙasa, ko'ina daidai, har ba ka ganin alminiyam ɗin, to ka yi hamdala: gas ɗinka lafiya lau, kwamfuresa ma lafiya lau. Firij ɗin da gas ɗinsa ya zube ba shi da ƙarfin yin wannan ƙanƙarar. Nasa dunƙule ɗaya ne a kusurwar da siririn bututu ke shigowa, sauran kwayil ɗin tsirara. Duk wanda ya ga kwayil cike da ƙanƙara ya ce maka a ƙara gas, ko dai bai san aikin ba, ko ya san aljihunka.

Gargaɗi: kada wuƙa ko sukudireba su kusanci ƙanƙarar nan. Bututun alminiyam ne siriri, huda ɗaya ta isa ta mayar da ƙaramin gyara babba. Sannan firij da yawa na yanzu gas ɗinsu R600a ne, kuma yana kama wuta. Za ka ga an rubuta a jikin kwamfuresa ko a takardar da ke manne a cikin firij.

4. Auna baimetal tun yana da sanyi

Wannan matakin ne ya sa na ce kada a narkar tukuna. Hitar ba ita kaɗai take a layinta ba. Wuta kafin ta kai gare ta sai ta ratsa abubuwa biyu, kuma kowanne ya mutu, alamar da za ka gani iri ɗaya ce da ta mutuwar hita.

Na farko shi ne baimetal, wani ɗan abu kamar maɓallin riga ko ƙaramar batir, mai waya biyu, maƙale a bututun saman kwayil. Aikinsa ya haɗa layi idan wurin ya yi sanyi ƙasa da sifili, ya yanke idan ƙanƙara ta narke wurin ya ɗumama. Ma'ana, baimetal mai lafiya in ka auna shi a zafin ɗakinmu na Legas, a yanke zai nuna. Na sha ganin yaran shago sun jefar da mai kyau saboda wannan.

Zuba ruwan ɗumi kaɗan a kan soket ɗin kawai, ba a kan baimetal ɗin ba, ka zare, ka goge ruwan. Sa mita a kan wurin da take yin ƙara idan aka haɗa bakunanta. Taɓa wayoyinsa biyu. Yana cikin ƙanƙara, dole mita ta yi ƙara ko ta nuna kusan 0. In ta yi shiru, ya mutu. In ka ga ya kumbura ko murfinsa ya ɗago, ba sai ka auna ba. Idan kuma an riga an narkar da firij ɗin kafin ka zo, cire shi ka saka a firizar maƙwabta na rabin awa, ka auna da sauri kafin ya ɗumama.

Na biyu shi ne fis na zafi, siriri a cikin farar roba, wanda ke tsinkewa in zafi ya haura digiri 70 da 'yan kai. Shi ko da sanyi ko da zafi dole ya yi ƙara. In bai yi ba, ya ƙone, kuma ba ya dawowa.

Firij masu allon lantarki, waɗanda ke da lambobi a ƙofa, maimakon baimetal sensa gare su. Ita ba ƙara ake nema ba, lambar om ɗinta ce ke sauka a hankali in ka dumtse ta a tafin hannu. In lambar ta tsaya cak, ko mita ta nuna a yanke, sensar ce.

5. Narkar da sauran, ka fito da hitar

Yanzu ka shimfiɗa tawul, ka riƙa zuba ruwan ɗumi da buta daga saman kwayil, ko ka juyo fankar ɗaki ta hura ciki. Ruwa mai ɗumi na ce, ba tafasasshe ba. Masu sa dirayar gashi su yi nesa da roba, don na ga bangon ciki da ya lanƙwashe kamar an gasa shi.

Hitar na kwance a ƙasan kwayil. Wata bututun gilashi ce mai waya murɗaɗɗiya a ciki kamar ta tsohon risho na lantarki, wata kuma sandar ƙarfe ce da aka lanƙwasa ta bi ƙasa da gefuna. Ta gilashi sau da yawa ido ma ya isa: baƙin tabo a ciki, ko wayar ta rabu biyu, ko ruwa ya shiga. Ta ƙarfe ba ta nuna komai a fuska, sai an auna.

6. Auna hitar, kuma ka san lambar da kake nema

Zare wayoyinta biyu daga sauran layin. In ka auna tana haɗe, mita na iya zagayawa ta wani wurin ta ba ka lambar ƙarya. Juya mita zuwa Ω, a kan 2k ko 2000. Kada ka bar ta a kan 200, don hitar da ta kai om 300 za ta nuna maka kamar a yanke take alhali ƙalau take. Wannan kuskuren ya sa mutane da dama sun sayi hitar da ba su buƙata.

Lambar da ya kamata ka gani, wato om ɗin R, tana fitowa daga ƙarfin wuta V da wat W da aka rubuta a jikin hitar ko a takardar firij:

```
R = V × V ÷ W
220 × 220 ÷ 160 = 302
```

Wato hita mai wat 160 a wutar 220 za ta ba ka wajen om 300. Mai wat 250 kuma wajen 190. In ka ga abin da ya yi kusa da lissafinka, da ɗan sama ko ɗan ƙasa, hitar na da rai. In mita ta nuna OL, ko 1 shi kaɗai a gefen hagu, wayar ciki ta tsinke.

A nan akwai tarkon da ya shafe mu mu 'yan Legas musamman. Bidiyon gyara da yawa da ake kallo a waya daga Amurka suke, inda wutar gida 120 ce, shi ya sa za ka ji suna kiran om 20 ko 40. Wannan lambar ta firij ɗinsu ce. Amma in naka tokumbo ne na Amurka, irin mai ƙofa biyu gefe da gefe da ke aiki da tiransifoma mai rage wuta, to lambarsu ce taka, kuma hitar 220 ba za ta yi maka ba: a wutar da ta ragu da rabi, kashi ɗaya cikin huɗu na zafinta kawai za ta bayar, ƙanƙarar ba za ta narke ba.

Awo na ƙarshe: baki ɗaya na mita a wayar hita, ɗayan a jikin ƙarfenta, mita a kan lamba mafi girma. Dole ta nuna a yanke. In ta ba da wata lamba, wuta na zuba a jikin firij, kuma irin wannan ne ke jan mutum in ya taɓa ƙofa da jiƙaƙƙen hannu. A canza ta ko da tana zafi.

Bari in ba da misali da aikin da na yi kwanan baya a Agege, gidan wata Hajiya mai sayar da zoɓo da kunun aya. Firij mai ƙofa biyu, firiza a sama. Ta ce min, "Malam, sati biyu ke nan da aka sa masa gas, ya yi kwana goma lafiya, ga shi ya koma gidan jiya." Na ce, "Hajiya, da aka zo sa gas ɗin, kwana nawa ya yi a kashe?" Ta ce kwana ɗaya da yini. To ai shi ke nan. Ba gas ɗin ne ya gyara shi ba, kashewar ce ta narkar da ƙanƙarar, sannan ta ɗauki kwana goma ta sake taruwa. Na buɗe, kwayil ya zama dutse guda fari. Baimetal ya yi ƙara, fis ya yi ƙara, hitar gilashi mai wat 160 ta nuna OL, ga baƙin tabo a gefen dama kusa da roba. Sabuwar da na kawo ta nuna om 298.

Ta kuma ce abin da ya ɗaure mata kai shi ne firij ɗin bai taɓa yin haka ba sai da wutar layinsu ta gyaru. Wannan ma na sha gani. Lokacin da ake ɗauke wuta rabin yini, ɗaukewar ce ke yi wa firij aikin hita, ƙanƙara na narkewa da kanta. Hitar na iya mutuwa da daɗewa ba wanda ya sani, sai an fara samun wuta awa ashirin a rana asirinta ya tonu.

7. In hita da baimetal da fis duk lafiya

Saura mai ba da umarni, wato taima ko allon lantarki. Taima ɗan akwati ne mai ƙafa huɗu, yawanci a baya kusa da kwamfuresa ko a cikin akwatin fitilar firij, da wani ɗan rami da ake juyawa da sukudireba. Bayan ka mayar da komai firij ya yi sanyi sosai, juya shi a hankali ta yadda hannun agogo ke tafiya har ka ji ƙas, kwamfuresa ta tsaya. In hitar ta ɗau zafi, layinta lafiya, taimar ce ba ta juyawa da kanta. In kuma an wuce minti 40 kwamfuresa ba ta dawo ba, nan ma taimar ce. Kada ka juya shi baya, haƙoransa na karyewa.

Abin lura: a firij da yawa ƙirar Asiya, ɗan injin da ke juya taima ta cikin hita wutarsa ke bi. Hita na tsinkewa, taima ma sai ta tsaya cak kamar ta mutu. Don haka kada ka sayi taima sai ka auna hita.

Na allon lantarki kuwa, in an kai nan, shawarata ka kira wanda ya saba da shi.

8. Sayen sabuwa da kuɗin da za ka kashe

Ɗauki tsohuwar ka tafi da ita, tare da hoton takardar firij. A Alaba International da Lawanson akwai masu kayan firij, kuma da wuya ka rasa. Abu uku za su dace: wutar, wat ɗin, da tsawon. Tafi da mitarka ka auna a gaban mai shago kafin ka biya, musamman in ta cire ce daga tsohon firij. Kada a lallaɓe ka da mai wat sama da taka wai ta fi ƙarfi, ita ce ke ƙona fis ta narkar da roba.

In firij ɗinka R600a ne kuma hitarsa gilashi biyu ce, ɗaya a cikin ɗaya, irinta za ka saya. An yi ta haka ne don bayanta kada ya yi zafin da zai kunna gas in ya zubo.

Farashi na bin dala, don haka tambayi shago uku. A jere dai, fis da baimetal su ne masu araha, hita da taima na biye, allon lantarki ya fi su duka nesa ba kusa ba, kuma ko an haɗa hita da kuɗin aiki ba su kama ƙafar kuɗin kwamfuresa ba. Ni in na canza hita a tsohon firij, nakan canza baimetal da fis a tare, don kuɗin motar komawa Ojo a cikin cunkoson hanyar Badagry ya fi kuɗinsu.

9. Ɗaurawa da gwaji

Riƙe ta gilashi da tsumma mai tsabta, maiƙon hannu na bar mata tabon da ke cin gilashin in ta yi zafi. Zaunar da ita a maƙalanta, da ɗan rufin alminiyam ɗin da ke hana ruwa ɗiga a kanta in akwai. Wayoyi su yi nesa da jikinta da fukafukan fanka. In sai ka yanka waya, haɗin ya zama wanda ruwa ba ya shiga, ka ɗaga shi sama. Murɗawa da baƙin salatif ba ya wata uku a wurin nan. Baimetal ya koma daidai inda ka same shi a hoto, ya manne da bututu sosai.

Gargaɗi: kada ka yarda a haɗe wayar fis ko ta baimetal kai tsaye wai kafin a samo sabo. Su ne ke kashe hitar. Ba su, za ta yi ta ci a cikin akwatin roba da soso, a ɗakin da mutane ke barci.

Kafin ka rufe, zuba kofi ɗaya na ruwan ɗumi a ramin da ke ƙarƙashin hita, ka zagaya baya ka ga ya sauka a farantin da ke kan kwamfuresa. In ya tsaya, tura siririyar roba mai laushi ka buɗe shi, in ba haka ba ruwan da sabuwar hitar ta narkar zai daskare a wurin.

Mayar da soket ɗin fanka, ka rufe bangon, ka kunna. Ba shi awa uku zuwa huɗu babu kaya. Sa hannu a ramin iska na ɓangaren firij, ya kamata ka ji sanyi na busowa. In mai taima ne, juya ta zuwa ƙas ɗin nan: cikin 'yan mintuna za ka ji tsss, ruwa na ɗiga a kan hita, in kuma kana da mita mai maƙala a waya, mai wat 160 za ta nuna wajen amfiya 0.7.

Sanyin ranar farko ba hujja ba ne, don ko ba a canza komai ba firij ɗin da aka narkar zai yi sanyi, kamar yadda ya faru da Hajiya. Sai an yi sati biyu ana wuta, bangon baya na nan fes, farantin baya kuma kana samun ɗan ruwa a ciki lokaci zuwa lokaci. In mai gyara ka kira, ku yi da shi tun farko cewa zai dawo ya duba a ranar ta goma sha huɗu, kuma ya bar maka tsohuwar hitar a hannunka.